Ma'aikaci Ɗaya, Iyayen Gida Biyu: Yadda Wani Kamfani a Sharaɗa Ya Kwashe da Tsarin Matiriks

## Kamfanin kafin 2023

Kamfanin yana rukunin masana'antu na Sharaɗa a Kano, kuma ba zan ambaci sunansa ba. Wani Alhaji ne ya kafa shi da injin matse gyaɗa guda ɗaya, daga baya aikin ya fi karkata ga waken suya. Man girki shi ne uwa, sauran kayan biyu 'ya'yansa ne. Tunkuzar da ke saura bayan an matse mai ana haɗa ta da masara da dusa a yi abincin kaji, ragowar da ke fita wajen tace man kuma tana shiga sabulun wanki. Ma'aikata sun kai 180, motocin rarraba kaya 11, 'yan sayarwa 14 da ke zagaya diloli a kasuwannin Singa da Sabon Gari da garuruwan kewaye.

An raba aikin sashe biyar: saye, sarrafawa, sayarwa, sufuri da sito, sai lissafi. Kowane sashe da shugabansa, kowane shugaba kuma Alhaji yake kai wa rahoto. Direba ya san ogansa, akanta ya san nasa. Umarni daga sama yake saukowa ta hanya ɗaya, ƙorafi ma ta nan yake hawa.

Inda tsarin ke yoyo shi ne babu mutum ɗaya da aikinsa sabulu ne, ko abincin kaji. Shugaban sayarwa ana auna shi da jimillar kuɗin da ya shigo, don haka yaransa suka fi tura mai, tunda shi ke tafiya da kansa. Shugaban sarrafawa ana auna shi da awannin da injin ya yi yana aiki. Idan ka tambayi wa ke da alhakin sabulu ya ci riba, kowa sai ya nuna maka na kusa da shi. Muddin kuɗi na shigowa, babu wanda abin ya dama.

## Yuni zuwa Disamba 2023: abin da ya tayar da maganar

A ƙarshen Mayun 2023 aka cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka saki darajar naira. Kayan gyaran injin, sinadaran sabulu, jarkoki, kuɗin dako, komai ya tashi. Kamfanin ya ƙara farashi sau da yawa, kuɗin da ke shigowa ya ƙaru a takarda, amma abin da ke saura a hannu yana raguwa.

A watan Oktoba Alhaji ya tara shugabannin sashe ya yi musu tambaya ɗaya: cikin kayan nan uku, wanne ne ke cin kuɗinmu? Babban akanta ya ce littafinsa bai raba dizal da albashi da kuɗin mota kaya-kaya ba. Sauran suka yi shiru.

Babban ɗan Alhaji, wanda ya yi karatun gudanarwa kuma yake riƙe da muƙamin mataimakin shugaba, shi ya kawo shawarar tsarin da ake kira matiriks. Ma'anarsa a saka kamfani kamar yadda masaƙi ke saka zane, zaren tsaye da na kwance. Sassan nan biyar su ne na tsaye, suna nan yadda suke. Sai a naɗa manaja ga kowane kaya, shi ne zaren kwance da zai ratsa duk sassan yana bin kayansa daga kasuwar hatsi ta Dawanau har shagon dila. Ma'aikacin da ke mahaɗar zaren biyu zai zama yana da iyayen gida biyu.

Ya gaya wa mahaifinsa cewa ba sabon abu ba ne. Kamfanonin ƙera jiragen sama da na sararin samaniya a Amurka ne suka yaɗa shi a shekarun 1960, domin injiniya ɗaya ya yi wa aikin kwangila hidima ba tare da an cire shi daga sashensa ba. Kamfanin kayan lantarki na ABB ma, bayan haɗewar da ta samar da shi a 1988, ya tafi da harkarsa a ƙasashe da dama a kan irin wannan saƙa, kowane manaja yana amsa wa shugaban ƙasarsa da shugaban nau'in kayansa. Shugaban sufuri, dattijo da ya fi kowa daɗewa a gidan, ya ce shi dai abin da ya sani taura biyu ba ta taunuwa. Bai san cewa Henri Fayol, masanin gudanarwa ɗan Faransa, ya rubuta kusan haka tun 1916 ba, inda ya sa cikin ƙa'idojin gudanarwa cewa ma'aikaci ya karɓi umarni daga mutum ɗaya tak. Alhaji ya saurari kowa, ya ce a gwada.

## Janairu da Fabrairu 2024: farkon tsarin

A makon farko na Janairu aka naɗa manajoji uku: na mai, na sabulu, na abincin kaji. Biyu daga cikin gida aka ɗauko su, ta sabulu kuma daga wani kamfani aka kawo ta. Takardar sanarwa shafi ɗaya ce. Ta ce daga yau ma'aikata 52 za su riƙa amsa wa shugaban sashensu da kuma manajan kaya: 'yan sayarwa 14, direbobi 11, ma'aikatan sito 8, akantoci 7, jami'an saye 6, makanikai 6. Takardar ba ta faɗi abin da za a yi idan iyayen gidan biyu suka saɓa ba. Ta dai ce su yi aiki tare cikin fahimtar juna.

Amfanin ya fito da wuri. Kowane manaja ya nemi a ware masa lissafin kayansa, kuma cikin mako shida aka samu amsar tambayar Alhaji. Shekara da shekaru tunkuza tana wucewa daga ɓangaren mai zuwa na abincin kaji kyauta, ba a rubuta mata farashi. Saboda haka abincin kaji yake fitowa a littafi kamar shi ne gwarzo, mai kuma kamar da ƙyar yake tsira. Da aka sa wa tunkuzar kuɗin da masu haɗa abincin kaji na waje ke biya, sai ribar abincin kajin ta kusa ɓacewa, ta mai ta fito fili.

Manajar sabulu ita ma ta gano nata. Ta zagaya shaguna da ƙafarta ta ga babban sandar sabulun ya fi ƙarfin aljihun masu saye, ƙanana ake nema. Ta zauna da shugaban sarrafawa aka gyara wuƙar yanka, aka fito da ƙaramin yanki. A tsohon tsari wannan magana sai ta hau wurin Alhaji ta sashen sayarwa, ta sauko ta sashen sarrafawa, in ma wani ya damu ya ɗauke ta. A nan kwana goma aka yi.

## Maris 2024: motar da ba ta fita ba

Ranar Alhamis 7 ga Maris, saura kwana huɗu a ɗauki azumi, lokacin da kasuwar mai ke kan ganiyarta. Cikin motoci 11, biyu suna gareji, takwas sun fita, saura ɗaya mai ɗaukar tan goma. Mai tsara fitar motoci, wanda kowa ke kira malamin lodi, yana da oda biyu a kan teburinsa. Ɗaya jarka 400 ce ta mai, mai lita 25, zuwa wani babban dila a Singa. Ɗayar buhu 400 ne na abincin kaji zuwa wata gona a hanyar Haɗeja mai kajin ƙwai wajen dubu goma, wadda abincinta na kwana ɗaya ya rage. Kowace oda ita kaɗai ta cika motar.

Da ƙarfe takwas manajan mai ya leƙo ya ce a fara loda jarkoki. An loda kamar 150 sai manajan abincin kaji ya kira.

"Malam, wa ya ce ka ba da motar nan?"

"Yallaɓai, manajan mai ne."

"Ni ba oganka ba ne? Kajin mutane za su kwana da yunwa, su daina ƙwai, wa zai biya? A sauke."

Aka sauke jarkokin, aka fara jera buhuna. Manajan mai ya dawo daga banki ya ga jarkokinsa a ƙasa, ya ce dilan ya riga ya biya kuɗi tun Litinin. Malamin lodi ya ruga wurin shugaban sufuri, wanda shi ne ogansa na asali. Dattijon ya duba littafinsa ya ce ai motar nan ma lokacin canjin baƙin manta ya wuce, shi da son ransa ne ba za ta je ko'ina ba, amma tunda an ce yanzu manajoji ke da kaya, su je su sasanta. Alhaji yana Dawanau, ɗansa yana taro, wayarsa a kashe. Masu dako suka zauna a inuwar katanga. Da aka yi sallar la'asar motar tana nan da rabin buhuna a ciki, kuma a wannan lokacin shiga Singa da babbar mota ya zama wahala. Kashegari aka yi hayar motar waje ta kai abincin kajin, man ya tafi ranar Asabar.

Abin da wannan rana ta tona shi ne a takarda iyayen gida biyu aka ce, amma malamin lodi huɗu yake da su: shugaban sufuri da manajoji uku. Haka direbobi, haka 'yan sito, haka makanikai. Duk wanda aikinsa ya shafi kayan uku, manajojin uku duk suna da hannu a kansa.

Bashi ma ya shiga irin wannan hali. Dokar kamfanin ita ce dila ya biya cikin kwana 21. Wani dila a Sabon Gari yana riƙe da kuɗin sabulu kwana 45, amma ya nemi sabon mai. Manajan mai ya amince, tunda shi ba ya binsa ko sisi. Babban akanta ya hana. Ɗan sayarwan da ke kula da dilan ya ɗauki takardar da manajan mai ya sa wa hannu ya kai sito, aka ba shi kaya. Cikin 'yan makonni duk 'yan sayarwa suka gane dabarar, irin ta yaron da uwa ta hana shi abu ya zagaya wurin uba.

## Afrilu zuwa Yuli 2024: gyara uku da suka ci tura

Bayan ƙaramar sallah aka kafa taron kullum da ƙarfe takwas na safe, shugabannin sashe biyar da manajoji uku, a daidaita aikin ranar. Niyyar rabin awa ce, amma yakan kai awa biyu, saboda babu mai ikon rufe magana. Malamin lodi ba ya iya sakin mota sai an tashi. Motocin da a da ke fita ƙarfe tara suka koma fita sha ɗaya. Littafin sito ya nuna cewa daga karɓar oda zuwa kai kaya, wanda a 2023 yake ɗaukar kamar kwana huɗu, ya kai bakwai a ƙarshen Afrilu.

A watan Mayu Alhaji ya soke taron ya ce duk abin da aka saɓa a kawo masa. Sakatarensa ya rubuta ƙorafi 31 a wannan watan kaɗai. Akwai na mota, akwai na bashi, akwai na wane injin makanike zai fara gyarawa, har da na wa ya ba wani direba izinin zuwa suna. Ana yanke hukunci da sauri, gaskiya, amma wanda ya riga shiga ofis shi ke fita da nasara, sai kowa ya koyi sammako. A watan Yuni Alhaji ya tafi aikin Hajji. Ɗansa ya riƙe kujerar, amma dattawan gidan, waɗanda wasunsu sun san shi tun yana zuwa da kayan makaranta, sukan amsa masa da "to" su ajiye maganar sai Alhaji ya dawo. A cikin wannan jiran ne rigimar tunkuza ta yi tsami. Manajan mai ya sayar wa wani mai haɗa abinci na waje tirela biyu a kan kuɗi hannu, injin abincin kaji na gida ya tsaya kwana uku babu abin haɗi.

Gyara na uku a watan Yuli aka yi. Ɗan Alhaji ya sake zana jadawalin muƙamai. Daga kowane ma'aikaci zuwa shugaban sashensa ya ja cikakken layi, zuwa manajan kaya kuma layi mai ɗigo-ɗigo, aka manna a allon sanarwa. Abin da yake nufi shi ne manaja yana ba da aikin yau da kullum, shugaban sashe yana riƙe da sauran. Ma'aikata suka karanta shi da tasu fahimtar: mai ɗigo-ɗigo ba oga ba ne. Kuma suna da hujja, domin hutu, alawus, ƙarin albashi da takardar gargaɗi duk suna hannun shugaban sashe. Wuƙa da nama suna can, manaja kuwa an ɗora masa alhakin riba ba a ba shi ko tsinke ba. A ƙarshen watan manajar sabulu ta ajiye aiki. A takardarta ta rubuta cewa ana tambayarta ribar kayan da ba ta da ikon sa wa mota.

## Agusta da Satumba 2024: binciken da sabuwar yarjejeniya

A nan na shigo. Ni mai duba lissafin kamfanoni ne, kuma na daɗe ina yi wa gidan aiki daga waje. Alhaji ya kira ni a tsakiyar Agusta, bayan an sassauta dokar hana fita da ta biyo bayan zanga-zangar farkon watan. Maganarsa a taƙaice ce: ko a gyara abin nan ko a rushe shi a koma gidan jiya.

Na fara da raba wa mutanen nan 52 takarda mai tambaya uku, ba tare da sun rubuta suna ba. Wa ke ba ka aiki? Wa ke sa hannu a hutunka? Idan biyun suka saɓa, wa kake bi? Tambaya ta biyu kowa ya amsa iri ɗaya. A ta uku, 19 suka ce shugaban sashe, 12 suka ce manaja, 21 kuma suka ba da amsoshi irin su "wanda ya riga kira" da "wanda ya fi kusa da Alhaji". Wani ya rubuta "wanda ya fi faɗa". Wannan tambaya ta uku ita nake ba duk mai son sanin ko tsarinsa na tafiya shawarar ya yi, domin mutane biyu masu aiki iri ɗaya bai kamata su ba ta amsa biyu ba.

Daga nan na karɓi littafin sakatare na bi ƙorafe-ƙorafen Mayu ɗaya bayan ɗaya. Sai na ga 31 ɗin nan ba matsaloli 31 ba ne. Hukunci tara ne suke ta dawowa da sabuwar riga, kuma mota da bashi da tunkuza sun cinye fiye da rabi.

A makon farko na Satumba muka yi zaman kwana biyu da Alhaji da ɗansa da shugabannin sashe da manajoji. Ba mu taɓa jadawalin muƙamai ba. Kowane hukunci muka ɗauka muka tambaya: wa ke da ta cewa ta ƙarshe, wa dole a ji ta bakinsa kafin a yanke, wa za a sanar kawai. Sharaɗin shi ne gurbin farko suna ɗaya zai ɗauka. Inda aka ce "su biyun", sai mu ƙi wucewa.

Babban rabon ya zama haka. Manajan kaya shi ke faɗin me za a yi, nawa, yaushe, kuma wa za a kai wa. Shugaban sashe shi ke faɗin wa zai yi aikin, da wane kayan aiki, kuma ta wace hanya. Manaja na iya cewa jarka 400 su isa Singa kafin Juma'a, amma ba shi da ikon nuna mota ko direba. Shugaban sufuri na iya cire mota ya kai ta gareji, amma ba shi da ikon cewa odar wane ta jira.

Motoci aka koma tsara su mako-mako. Kowace Alhamis da rana manajoji uku suna zama da malamin lodi da shugaban sufuri su cika jadawalin mako mai zuwa, a bar mota ɗaya ba a ba kowa ba saboda gaggawa. Idan oda biyu suka yi karo a kan wannan motar, an rubuta wadda ke gaba: abincin dabbar da abincinta ya kusa ƙarewa, sannan wanda ya biya kuɗi, sannan wanda ya riga yin oda. Manajan mai ya yi gardama sosai a kan wannan jeri, Alhaji ya ce mai ba ya mutuwa a jarka.

Bashi aka mayar da shi kan dila, ba kan kaya ba. Kowane dila yana da iyaka ɗaya da ta haɗa mai da sabulu da abincin kaji, kuma babban akanta ne mai maganar ƙarshe. Sito ba ya sakin kayan bashi sai da hatiminsa. Tunkuza kuma aka sa mata farashin ciki: a tambayi masu saye uku na waje duk mako, a ɗauki matsakaicin, a cire kuɗin dakon da ba a kashe ba. Manajan abincin kaji yana faɗin adadin da yake so kafin 25 ga wata, a ware masa. Abin da ya ragu manajan mai ya sayar inda ya ga dama.

Abu biyu suka fi wuyar karɓuwa. Na farko, rage masu iyayen gida biyu daga 52 zuwa 11: malamin lodi, shugaban sito, babban makanike, jami'an saye biyu, akantoci uku da aka ba kowannensu kaya ɗaya, da masu kula da shiyyoyin sayarwa uku. Direbobi da sauran suka koma oga ɗaya, manaja ba ya kiran direba kai tsaye. Na biyu, auna aikin mutum 11 ɗin a ƙarshen shekara aka raba, kashi 60 na maki daga shugaban sashe, 40 daga ɓangaren manajoji, kuma ba a ƙara wa ɗayansu albashi sai hannu biyu sun hau takardar. Shugaban sayarwa ya ce wannan rage masa girma ne a gaban yaransa. An rubuta rashin amincewarsa aka wuce.

Doka ta ƙarshe saboda ranar 7 ga Maris aka yi ta. Idan iyayen gida biyu suka saɓa, su za su nemi juna a ranar, ba su aika ma'aikaci da saƙo ba. Shi ma'aikacin ya ci gaba da abin da ke rubuce a jadawali har sai canji ya zo masa a rubuce. Idan suka kwana ba su daidaita ba, su shiga wurin ɗan Alhaji tare, ba ɗaya bayan ɗaya ba. Alhaji da bakinsa ya faɗa a gaban kowa cewa duk wanda ya zagayo wurinsa shi kaɗai zai mayar da shi.

## Oktoba 2024 zuwa Maris 2025: abin da ya biyo baya

Watan farko an gwada dokar. Shugaban sayarwa ya shiga wurin Alhaji shi kaɗai da maganar wani dila, Alhaji ya ce ya je ya zo da abokin maganarsa. Labarin ya zaga masana'antar kafin azahar, kuma ba a sake ba.

A watan Nuwamba ƙorafi huɗu ne suka kai ofishin sama. Kwanakin kai kaya suka sauko zuwa uku. Dilolin da suka wuce kwana 21 da bashi sun ragu daga 17 a watan Agusta zuwa 6 a Janairu, duk da cewa biyu sun yi fushi sun koma wani kamfani. Lokacin kaka, da aka zo sayen waken suya da masara a Dawanau da kuɗin da bai isa duka ba, manajan mai da na abincin kaji suka zauna da babban akanta suka raba kuɗin tun kafin jami'an saye su fita. An naɗa sabon manajan sabulu daga cikin masu kula da shiyya.

Azumin 2025 ya kama 1 ga Maris. A makon da ya gabace shi an sake samun oda biyu a kan motar gaggawa. Malamin lodi ya duba jerin da ke manne a bangonsa, ya ba da motar, ya sanar da wanda bai samu ba. Manajan da aka bari ya nemi izinin hayar motar waje, aka rubuta kuɗin a lissafin kayansa.

## Yadda nake ganin lamarin

Ba na ganin dattijon sufuri ya yi kuskure, kuma ba na ganin ɗan Alhaji ya yi. Kamfani mai kaya uku da motoci 11 ba zai iya raba wa kowane kaya motocinsa da akantocinsa da makanikansa ba, kuma tsohon tsarin ya kasa amsa tambaya mai sauƙi ta wane kaya ke cin kuɗi. Saƙar ta zama dole. Kuskuren Janairu shi ne an raba mutane ba a raba hukunci ba. Saɓani tsakanin manajan mai da na abincin kaji ba lalacewar tsarin ba ne, shi ne ma abin da aka kafa shi ya fito da shi, domin a da ana yin wannan zaɓi a ɓoye ba wanda ya sani. Abin da ya lalace shi ne an bar saɓanin ya sauka a kan mafi ƙarancin albashi a cikinsu, malamin lodi da direba, waɗanda ba su da ikon warware shi.

Gyare-gyaren uku duk sun kauce wa wannan. Taron safe ya ƙara bakuna bai ƙara mai yanke magana ba. Kai komai wurin Alhaji ya mayar da kamfanin oga ɗaya ta bayan gida, ya kuma tsaya cak ranar da ogan ya hau jirgi. Layi mai ɗigo-ɗigo kuwa zane ne, ma'aikaci yana bin wanda ke riƙe da hutunsa da albashinsa. Masana suna raba tsarin nan gida uku: wanda shugaban sashe ya fi ƙarfi, wanda manajan kaya ya fi ƙarfi, da wanda suke daidai. Kamfanin ya yi shelar na daidai, ya gudanar da na farko, yana kuma tuhumar manajoji kamar na biyu yake yi.

Ban yarda a ce an samu wannan a kyauta ba. Akwai albashin manajoji uku da babu shi a da, akwai mota ɗaya da wasu ranakun take wuni a tsaye, akwai yammacin Alhamis da mutum biyar ke kashewa a kan jadawali. Kuma dokar shiga tare tana tsaye ne a kan Alhaji ya ci gaba da mayar da mai zagayowa, abin da ba a rubuta shi a kowace takarda ba. Cikin hukunci taran nan ma ɗaya har yanzu gurbinsa na farko babu suna: idan wuta ta ɗauke, janareta kuma ba zai ɗauki injin tace mai da na sabulu a lokaci ɗaya ba, wanne za a kashe. Shugaban sarrafawa ya ce nasa ne, manajoji suka ce nasu ne. Zuwana na ƙarshe, babban makanike ne ke yanke wannan da kansa, kuma kusan kullum na sabulu yake kashewa.